Yadda ake gano giɓi da layukan da suka hau juna idan zane ya ƙi yin Extrude

Ka gama zanen shimfiɗe, a ido komai ya haɗu, amma da ka danna Extrude sai manhaja ta ƙi, ko ta ba ka wani siririn bango mara ciki maimakon cikakken jiki. Kusan kullum laifin yana cikin kewayen zanen ne. Manhajar ba ta kallon zane yadda idonka ke kallo. Tana kama bakin layi ɗaya ta bi shi, ta shiga na gaba, ta yi ta bi har ta dawo inda ta fara, sannan ta ce abin da ke ciki shi ne fuskar da za a ba kauri. Don wannan tafiya ta yiwu, dole kowace mahaɗa ta zama bakin layi biyu ne suka gamu a wurin, ba ƙari ba ragi. Idan baki ɗaya ne tsaye shi kaɗai, giɓi ke nan. Idan uku ne ko fiye, to akwai layin da ya hau wani ko reshen da ya fita. Duk binciken da ke ƙasa neman waɗannan wurare biyu ne.

Abin da za ka tanada

Manhajar da kake zane da ita. Za a yi bayanin da FreeCAD 1.0, wanda ya fito a 2024, domin yana da tsauri a kan wannan batu kuma kyauta ne. A can sunan umarnin Pad, a cikin Part Design. Inda Fusion, SolidWorks ko AutoCAD suka bambanta, za a faɗa. Kana buƙatar linzami mai wili a tsakiya, domin zuƙowa da faifan taɓawa na laftof wahala ce. Sai kwafin fayil ɗin da ka ajiye gefe kafin ka taɓa komai, da takarda da biro na ƙirga.

Misalin da za mu bi: faranti mai tsawon milimita 80 da faɗin milimita 50, kusurwoyinsa huɗu an lanƙwasa su da baka mai radiyos 8, yana da huji biyu masu faɗin milimita 6. An shigo da shi daga fayil ɗin DXF, an mayar da shi zane, kuma Pad ya ƙi.

1. Karanta abin da manhajar ta ce, ka dubi abin da ta fitar

Kada ka rufe saƙon kuskure da gaggawa. A FreeCAD saƙon da aka fi gani shi ne "Wire is not closed", wato kewayen bai rufe ba. Idan saƙon ya ɓace, buɗe View > Panels > Report view, yana nan a rubuce.

Sauran manhajoji suna nuna alamar ta wata hanya. A Fusion, rufaffen kewaye yana yin launin shuɗi mai haske a cikinsa. Idan babu launin, babu abin da Extrude zai kama. Amma ka fara tabbatar da cewa akwatin Profile a cikin Sketch Palette yana kunne, domin idan an kashe shi lafiyayyen zane ma ba zai yi launi ba. A SolidWorks, idan ka ga Thin Feature ya kunna kansa ba ka nema ba, manhajar ta ɗauki zanenka a matsayin buɗaɗɗe. A AutoCAD kuwa EXTRUDE ba ya ƙi: yana ɗaga buɗaɗɗen layi ya ba ka ɓawo kawai, mara kauri. Wannan ya fi hatsari, domin mutum zai ci gaba da aiki sai ya zo huda rami ko haɗa jiki biyu sannan abin ya watse.

2. Kawar da ƙananan dalilai kafin ka fara farauta

Layin taimako ba ya shiga cikin kewaye. A FreeCAD shuɗi ne, a Fusion da SolidWorks a tsittsinke yake. Idan gefe ɗaya na farantin ya koma layin taimako bisa kuskure, a ido zanen a rufe yake amma a wajen manhajar gefen babu shi. Zaɓe shi ka danna Toggle construction geometry. Haka ma gefen da ka aro daga wani jiki da External geometry: a FreeCAD 1.0 na dogaro ne kawai, dole ka zana layinka a kansa.

Sai ka juya zanen ka kalle shi daga gefe. Ya kamata ya zama siririn layi ɗaya. Idan wani baki ya ɗago sama, yana da tsayi a Z, kuma daga sama ba za ka taɓa gani ba. Wannan yana faruwa a AutoCAD, da Fusion idan 3D Sketch na kunne. FLATTEN a AutoCAD yana kwantar da su.

3. Ƙirga abin da ya kamata, ka gwada da abin da ke nan

Wannan matakin ne masu koyo ke tsallakewa, alhali shi ya fi saurin tona asirin layin da ya hau wani. Layi biyu da suka kwanta daidai a kan juna babu irin zuƙowar da za ta raba su, amma ƙirga tana kama su nan take.

A takarda, farantinmu yana da miƙaƙƙun layuka 4, baka 4, da'ira 2. Goma ke nan. Tsawonsu ma an san shi: 80 a cire 8 sau biyu ya ba da 64 ga na sama da na ƙasa, 50 a cire 16 ya ba da 34 ga na gefe biyu. Kowace baka rubu'in da'ira ce, tsawonta 12.566, kowane huji kuma kewayensa 18.85.

Buɗe zanen ka dubi jerin Elements a gefen hagu. A misalinmu abubuwa 12 ne, wato akwai biyu da ba a gayyace su ba. Kana iya danna kowanne a jerin ka ga inda ya haskaka a zanen. Idan jerin yana da tsawo, rufe zanen, buɗe View > Panels > Python console, ka rubuta wannan (idan sunan zanenka na ciki ba Sketch ba ne, sa nasa):

```python
s = App.ActiveDocument.Sketch
for e in s.Shape.Edges:
    print(round(e.Length, 3))
```

Abin da ya fito shi ne 64.0, 63.97, 34.0 sau biyu, 12.566 sau huɗu, 18.85 sau biyu, sai 20.0 da 0.2. Ka ga tun ba a zuƙo ko'ina ba labarin ya fito. Layin da ya kamata ya zama 64 ya gaza da 0.03, can giɓin yake. Akwai baƙon layi mai milimita 20, akwai kuma ɗan guntu mai 0.2 wanda a allo bai kai girman ɗigo ba.

Abin lura a nan: da'irar da aka ninka ba ta da buɗaɗɗen bakin da za ka gani ko ka ja. Idan an kwafi huji ɗaya sau biyu a wuri guda, ƙirga ce ke nuna shi: za ka ga 18.85 sau uku maimakon biyu.

4. Sa manhajar ta nuna maka mahaɗun da ke da matsala

Fita daga cikin zanen, domin wannan kayan aikin ba ya aiki kana ciki. Zaɓi zanen a jerin hagu, ka je Sketch > Validate sketch. A sashen da ke maganar buɗaɗɗun mahaɗu akwai maɓallin da ya fara da Highlight, danna shi. Zai sa alamar gicciye ruwan ɗorawa a duk inda baki yake shi kaɗai, da inda fiye da biyu suka taru.

Karanta alamun da hankali, domin wurin da suka faɗa yana gaya maka irin matsalar. Alama a kusurwa, inda layi ya kamata ya gamu da baka, giɓi ce ko reshe. Alama biyu a tsakiyar miƙaƙƙen gefe, inda babu wata mahaɗa da ka sani, bakunan guntun layi ne da ke kwance a kan dogon. Alama a ƙarshen gefe biyu-biyu, alhali kusurwoyin suna a haɗe, tana nufin an ninka gefen gaba ɗayansa. A farantinmu alamu sun fito a kusurwar sama ta dama, biyu a gefen ƙasa da tazarar milimita 20 tsakaninsu, sai wasu cunkushe a kusurwar ƙasa ta hagu.

Kada ka danna wani Fix tukuna. Dalilin yana mataki na 6.

A SolidWorks makamancin wannan shi ne Tools > Sketch Tools > Check Sketch for Feature: ka zaɓi Base Extrude ka danna Check, zai haskaka abin da ya hana. Repair Sketch kuma yana kai ka wurin kowane ƙaramin giɓi da gilashin ƙara girma. A Fusion, bakin da bai haɗu da komai ba yana fitowa a matsayin ɗan farin zobe, sai ka bi kewayen kana neman su.

Idan babu irin wannan kayan aikin, ko bai nuna komai ba

Hanyar raba biyu tana aiki a duk manhajar da ke sa launi a rufaffen wuri, wato Fusion, da SolidWorks idan Shaded Sketch Contours na kunne. Ja layi ɗaya ya ratsa zanen daga sama har ƙasa, ya wuce gefe biyun. Rabin da ya yi launi lafiyarsa ƙalau. Rabin da bai yi ba, can giɓin yake. Sake ratsa wannan rabin, ka ci gaba. Kowane layi yana rage wurin nema da rabi, saboda haka kewaye mai guntaye 60 layi shida ya isa ya kai ka kan mahaɗa ɗaya. Idan duka rabin biyu suka ƙi yin launi, giɓin ya fi ɗaya, sai ka bi kowane ɓangare daban. Ka tuna ka goge layukan gwajin bayan ka gama, in ba haka ba kai da kanka ka ƙara rassa.

Hanya ta biyu ita ce jan baki. Kama ɗigon kusurwa da linzami ka ja shi gefe. Idan layi biyun suka biyo tare, a ɗaure suke. Idan ɗaya ya taho ya bar ɗan'uwansa, dama kusa kawai suke, ba a ɗaure ba. Ctrl+Z ya mayar da shi. Wannan ba ya aiki a zanen da aka riga aka kulle da awo ta ko'ina, tunda babu abin da zai motsa.

Ga layin da ya hau wani, zaɓi gefen da kake zargi ka goge shi. Idan ka goge amma layi yana nan, biyu ne. Ko ka ja akwatin zaɓe daga hagu zuwa dama a kan tsakiyar gefen kawai, ba tare da ka rufe ƙarshensa ba. Irin wannan akwatin yana ɗaukar abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ne kawai, don haka dogon layin ba zai zaɓu ba. Duk abin da ya haskaka ɓoyayyen guntu ne.

5. Fara da share abin da ya yi yawa

Koma cikin zanen. A jerin Elements nemo layin milimita 20, danna shi, ka tabbata wanda ya haskaka shi ne guntun ba dogon ba, sannan ka goge. Zaɓa daga jerin ya fi danna kan zanen aminci, domin idan layi biyu suna kan juna ba ka da tabbacin wanda linzami zai kama. Haka za ka yi wa ɗan guntun 0.2. Idan ka zuƙo kusurwar ƙasa ta hagu sosai za ka gan shi yana leƙowa daga mahaɗar kamar ƙaya: bakinsa ɗaya ya zama na uku a mahaɗar, ɗayan yana reto a fili. Irin wannan yakan samu ne idan an danna linzami sau biyu hannu ya ɗan motsa, ko wajen datse layi aka bar saura.

Akwai nau'in hawa da goge ba ya magani. Gefen ƙasa yana iya zama layi biyu, ɗaya daga hagu mai tsawon 40, ɗaya daga dama mai tsawon 30, sun haɗu sun zarce juna da milimita 6 a tsakiya. Goge kowanne zai bar babban giɓi. Abin yi shi ne ka goge ɗaya, ka ja bakin ɗayan har kusurwa, gefen ya zama layi ɗaya tak. Idan kuma layi biyu sun gicciye a kusurwa kowanne ya ɗan wuce, Trim edge ne maganinsa. Bayan datsewa ka ja kusurwar ka gani ko ta ɗaure.

Idan fayil ɗin daga AutoCAD ya fito kuma layukan da suka ninku suna da yawa, ya fi sauƙi a tsabtace shi a can kafin a shigo da shi. OVERKILL yana goge waɗanda aka ninka, yana kuma haɗe waɗanda suka hau juna rabi da rabi idan ka kunna wannan zaɓin.

6. Rufe giɓin da ɗauri, kada ka rufe shi da ido

Giɓin 0.03 bai kai kaurin gashin kai ba, kuma layin da ake zanawa a allo ya fi shi kauri, shi ya sa ba a ganinsa. Injin lissafin da FreeCAD ke aiki da shi yana ɗaukar ɗigo biyu a matsayin ɗaya ne idan tazararsu ba ta wuce 0.0000001 na milimita ba. Babu hannun da zai ja layi ya ajiye shi da wannan daidaito. Saboda haka jan baki har ya "taɓa" ɗayan ba gyara ba ne. Ko da ya yi sa'a ya rufe yau, ranar da ka canza tsawon farantin daga 80 zuwa 90 zai sake buɗewa.

Gyaran gaskiya shi ne Coincident. Zuƙo kusurwar sama ta dama har ɗigo biyun su rabu a ido, zaɓi bakin layin da bakin bakar, ka danna C. Idan sun yi kusa har ba ka iya zaɓarsu daban-daban, ja ƙaramin akwati ya rufe su biyun, ko ka fara janye ɗaya nesa sannan ka ɗaure. A wurin da layi ke shiga baka sumul, kamar nan, ya fi kyau ka zaɓi ɗigo biyun ka sa Tangent, domin a FreeCAD wannan yana ɗaure bakunan yana kuma daidaita lanƙwasar a lokaci guda.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne zaɓar ɗigo ɗaya da jikin ɗayan layin maimakon ɗigo da ɗigo. Abin da za ka samu ɗigo ne da aka ɗora a kan hanyar layin, yana iya zamewa gaba ko baya, har ya wuce ƙarshensa. A ido ya haɗu, amma giɓin yana nan. Wani kuskuren shi ne toshe giɓi da ɗan ƙaramin sabon layi. Pad zai yi aiki, amma jikin zai fito da wata siririyar fuska mai faɗin 0.03, kuma ita ce za ta hana Fillet ko Chamfer aiki daga baya ba tare da ka san dalili ba.

Idan giɓin suna da yawa, kamar yadda zanen DXF kan zo babu ɗauri ko ɗaya, koma Validate sketch, sashen Missing coincidences. Ka sa Tolerance ya ɗan fi giɓin da ka auna, a nan 0.05, ka danna Find, ka dubi adadin da ya samo, sannan Fix. Farantinmu yana da mahaɗu 8, don haka adadin bai kamata ya wuce 8 ba. Ga dalilin da ya sa aka ce ka jira: da ka sa 0.5 tun guntun 0.2 yana nan, da kayan aikin ya ɗauki bakinsa mai reto a matsayin giɓi ya ɗaure shi da kusurwar, ya bar maka layin da tsawonsa ke neman zama sifili da ɗaurin da ke faɗa da juna. Tolerance kullum ya kasance ƙasa da mafi ƙanƙantar abin da ke cikin zanen. A AutoCAD ma haka dokar take ga PEDIT: ka zaɓi Multiple, sannan Join, ka ba shi ƙaramin fuzz distance, bayan nan ka duba Properties ka ga Closed ya nuna Yes.

7. Tabbatar kafin ka sake gwadawa

Ɗauri yana motsa abubuwa. Da aka rufe giɓin 0.03, ko layin ya ƙaru, ko bakar ta matso, kuma manhajar ce ta zaɓa ba kai ba. Sa Horizontal da Vertical a gefuna, ka sa awon 80 da 50 da radiyos 8 da wuraren hujin, har zanen ya koma kore. Sai dai kore yana nufin babu abin da zai motsa ne kawai. Zane yana iya zama kore kuma a buɗe, idan an kulle bakuna biyu da awo a wurare biyu masu kusa. Don haka rufe zanen ka gwada wannan a Python console:

```python
s = App.ActiveDocument.Sketch
for w in s.Shape.Wires:
    print(len(w.Edges), w.isClosed())
```

Lafiyayyen farantinmu zai ba da layi uku: 8 True na kewayen waje, sai 1 True sau biyu na hujin. Ko False ɗaya ne ya fito, ko layi na huɗu, yana nufin akwai saura.

8. Idan komai a rufe yake amma har yanzu ya ƙi

To kewayen sun rufe, amma dangantakarsu da juna ce ba daidai ba. Duba abu uku.

Kewayen da ya ratsa kansa, kamar lamba 8, a rufe yake amma ba a san ciki da waje ba. Wannan yakan faru idan an canza wani awo da yawa lokaci guda, baka ta juye ta koma ɗaya gefen. Mayar da awon, ka canza shi kaɗan-kaɗan.

Huji da ya taɓa gefe. Idan tsakiyar hujin milimita 6 tana nesa da gefe da milimita 3 daidai, da'irar ta shafi gefen a ɗigo ɗaya, kaurin bango a wurin sifili ne. SolidWorks yana kiran wannan zero thickness geometry. Ko ka matsar da hujin ciki ya bar bango na gaske, ko ka bar shi ya ci gefen sosai ka datse ya zama ɓangaren kewayen waje.

Layin da ya raba fuskar gida biyu, ko rufaffun siffofi biyu da suka shiga juna. Fusion yana barinka ka danna yankin da kake so, SolidWorks ma haka ta Selected Contours. A FreeCAD 1.0 Pad yana son kewayen waje da ramukan da ke cikinsa ba tare da sun taɓa juna ba. Mayar da layin rabon ya zama na taimako, ko ka raba aikin: zane ɗaya na farantin a yi masa Pad, zane na biyu na ramukan a yi masa Pocket. Siffofi biyu da ke nesa da juna a zane ɗaya kuma suna iya jawo saƙon da ke cewa sakamakon yana da "multiple solids", domin Body ɗaya jiki ɗaya dunƙulalle ake so ya zama. A nan ko ka haɗa su da wani sashe, ko kowanne ya samu Body nasa.

Idan zanen da aka shigo da shi yana da ɗaruruwan guntaye, misali baka ɗaya ta zo a kakkarye gida talatin, kada ka ɓata lokaci wajen gyara. Mayar da shi duka layin taimako, ka zana sabon kewaye a kansa da Polyline, wanda ke ɗaure kowane layi da na bayansa yayin da kake zanawa. Ka lura da alamar Coincident da ke bayyana kusa da linzami kafin dannawar ƙarshe da ke rufe kewayen. Idan ba ta fito ba, kada ka danna.